Jawabin Manajan Ciniki ga Ma'aikatan Reshen Kano a Taron Farkon Oktoba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da asuba, sannunku da zuwa a kan lokaci, musamman waɗanda suka taso daga nesa.

Kowa a ɗakin nan ya riga ya ji labarin, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Daga Yuli zuwa Satumba an ɗora mana katan 12,000 na sabulu, omo da man girki. Abin da ya fita daga sito katan 8,900 ne. Ko kashi uku cikin huɗu ba mu cika ba. Wasunku ba su ga kamasho ba a watan jiya, kuma a daidai lokacin da yara suka koma makaranta. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin na san abin da kuɗin nan yake yi a gidajenku.

Abin da kuke faɗa game da kasuwa gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kaya bai koma yadda yake ba, aljihun mai saye ma haka. Matar da a da take sayen babbar ledar omo yanzu ta koma 'yar ƙarama ta wankin yini ɗaya. Ga damina kuma. Manomi ya zuba kuɗinsa a taki da noma da maganin feshi, hanyoyin ƙauye sun lalace, a-kori-kura ta shiga ta maƙale. Duk wanda ya yi shekara biyu a harkar nan ya san watan Agusta ba watan ciniki ba ne. Na faɗa wa manyanmu haka, kuma zan sake faɗa.

Amma damina ba ta hana mutane wanki ba, ba ta hana su girki ba. Sun saya. Tambayar ita ce, kayan wa suka saya?

Na zauna da Malam Isiyaku na sito mun bi littafin rasit shafi-shafi. Muna da shaguna 600 a jerinmu. Guda 210 daga ciki babu wanda ya leƙa su ko sau ɗaya a watan Agusta da Satumba. Yawancinsu masu tireda ne a cikin unguwa: Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi, Sheka, Hotoro. Mun tattara ƙarfinmu a kan manyan diloli na kasuwar Singa, saboda dila ɗaya zai ɗauki katan ɗari ka huta. Na fahimci dalilin. Sai dai dilan Singa ba ya da aboki sai farashi. Idan wani kamfani ya rage masa naira hamsin a katan, gobe da safe ya koma can, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Mai tireda kuwa fuska yake saye. Wanda ya zo ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya duba kantarsa ya ce "Baba, sabulun nan ya kusa ƙarewa", ya karɓi kwalin da ya fashe ya canza masa ba tare da jayayya ba, shi yake ba wa gurbi a kanta. Da muka daina zuwa, wasu suka zo, suka cike gurbin. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kun fi ni sani.

Ku dubi Malama Rabi. Yankinta ba ya da babban dila ko ɗaya, amma ita kaɗai ce ta kusa cika abin da aka ɗora mata. Ba ta da wata dabara da ku ba ku da ita. Kowace Talata ana ganinta a layi ɗaya, a lokaci ɗaya, har masu shago suna ajiye mata kuɗi kafin ta iso. Malama Rabi, Allah ya saka da alheri. Ina so ki ɗauki sababbin yaranmu biyu su bi ki mako guda su ga yadda ake yi.

Sai maganar bashi, kuma a nan zan ɗan tsaya. Muna bin kwastomomi naira miliyan 38, kusan rabinsa ya wuce kwana sittin. Na san yadda abin yake faruwa. Alhaji ya girme ka, ya ba ka shayi, ya ce "ka dawo bayan Juma'a", kunya ta hana ka magana. Amma kayan da ba a biya ba, ba a sayar ba, ajiya kawai aka kai. Kuɗin nan da ya maƙale shi ya hana mu ɗauko man girki a kan kari a tsakiyar Satumba, har kwastomomin da suke biya nan take suka zo suka koma hannu rabbana. Karɓar haƙƙi ba rashin kunya ba ne. Ku je da ladabi, ku je da rasit, ku yanka rana tare da shi, ko kashi-kashi ne ya biya. Wanda ya fi ƙarfinku, ku faɗa mini, ni da kaina zan je mu zauna. Daga yau duk wanda bashinsa ya wuce kwana talatin ba za a ƙara masa kaya ba sai ya rage, kuma ku ce umarnin ofis ne, kada ku ɗora wa kanku.

Yanzu ga abin da ya sa na shigo ɗakin nan da ƙwarin gwiwa. Kaka ta kama. Gero ya shigo gida, gyaɗa da wake da riɗi suna hanya, dawa na biye. Nan da 'yan makonni Dawanau za ta cika da buhuna, kuɗin da ya kwanta a gona zai dawo hannun mutane. Bayan girbi ake bukukuwan aure, kuma babu gidan biki da ba a sayen man girki da sabulu. Wata ukun da ke gabanmu su ne mafi albarka a shekara, amma ga wanda kayansa suke kan kanta kafin kuɗin ya iso.

Saboda haka motocinmu biyu za su koma cin kasuwannin ƙauye. Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta, kuma wanda ya fita Lahadi zai huta Litinin. A loda ƙananan ledoji da yawa, su ne suke tafiya yanzu. A cikin gari, shagunan nan 210 an raba su a takardar da Malam Isiyaku zai miƙa muku, kuma ina so kowanne ya ga fuskar ɗayanmu kafin ƙarshen mako mai zuwa. Ko bai sayi komai ba, ku rubuta abin da kuka gani a kantarsa da farashin da ake ba shi. An amince da ƙarin kuɗin mai ga masu babur daga wannan watan. An kuma amince cewa duk wanda ya karɓo tsohon bashi yana da nasa kaso a ciki.

Abin da aka ɗora mana zuwa ƙarshen Disamba katan 13,000 ne. Na san ku, na ga abin da kuka yi a kakar bara da motoci biyun nan, ba na shakkar za mu kai. Babu wanda za a sallama saboda wata ukun da suka wuce. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a rubuta an je shago alhali ba a je ba.

Allah ya buɗa mana, ya sa albarka a neman da muke yi, ya tsare ku a kan hanya. Malam Isiyaku, raba takardun. Duk wanda yake da matsala da yankin da aka ba shi ya faɗa yanzu, mu gyara kafin motoci su fita.