Tsarin motsa jiki na lokacin tara, zango na biyu

Ranka ya daɗe Hedimasta, 'yan uwa malamai, salamu alaikum. Ga tsarin da aka ɗora min in rubuto a mitin ɗin Alhamis, a karanta kafin Litinin don Allah.

Sati guda na yi ina tsayawa gindin dogon yaron nan na bakin ofis ina kallon yadda tara take wucewa (sunanta dai tara, mu 10:00 muke tashi mu koma 10:30). Ana kaɗa ƙararrawa manyan maza na aji 5 da 6 sun kwashe filin kaf da ƙwallo ɗaya, sauran yara kowa ya nemi bango ya raɓe, 'yan mata suna baranda suna carafke a zaune, 'yan aji 1 kuwa in suka kuskura suka ratsa fili sai ƙwallo a ka sai kuka. Masu ƙwallon ba su ne damuwata ba, su ko an tashi sai sun buga a layi har magariba. Yarinyar da Keke Napep ke saukewa a get ya dawo ya kwashe, ga Islamiyya da yamma nan ma zama, ita nake so tsarin nan ya tayar.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun kimanin minti 60 kullum na motsin da zai sa numfashi ya ɗaga. Mu minti 20 za mu ɗauka a ciki, kashi ɗaya bisa uku ke nan.

10:00 zuwa 10:10 ci da sha ne da zagayawa, a bar su su sayi awararsu da ɗanwake, yaron da bai karya ba ba ka ce masa ya yi gudu ba. 10:10 a busa usur, kowa fili.

Filin za a raba shi huɗu da toka, alli ba ya kama ƙasar nan. Kashi na 1 ƙwallo, amma ƙananan gola da duwatsu, biyar-biyar, minti biyar a canja, ta haka mutum 40 za su taɓa ta. Na 2 tsallen igiya da 'yar gala-gala. Na 3 langa da tsere da gara taya. Na 4 inuwar bayan aji 3, gaɗa da wasannin tafi, nan ne wanda ba ya son guje-guje zai samu shiga ba tare da kunya ba. Kowane aji yana da kashinsa na ranar, gobe ya matsa na gaba, Litinin zuwa Alhamis ya zagaye duka. Aji 1 da 2 tare, 5 da 6 tare, don lissafin ya fita huɗu. Ranar da aji ke kan ƙwallo 'yan mata suna da golarsu daban, wannan ba na so a yi min wasa da shi. Juma'a kowa ya zaɓi abin da yake so.

Kowane kashi firifet biyu, mace da namiji, da malamin diyuti ɗaya. Malam, diyuti tsayuwa ce a fili, ba zama a benci ana latsa waya ba, ni ma na sha yi, mu gyara tare.

Yaranmu masu sikila da masu asma a sa musu alama a rajista, su yi wasa daidai ƙarfinsu, ruwa a kusa, in suka ce sun gaji magana ta ƙare, kar wani ya ce ragwanci ne. Yaron nan na aji 4 mai sanda na ga yadda yake jifa, a sa jifan gwangwani a kashi na 4, kuma a ba shi gola in yana so, kar a maida shi mai tsaron jakunkuna. Sannan ba tsallen kwaɗo ko zagaye fili a matsayin horo, yaron da aka hora da gudu ba zai so gudu ba.

Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa a koma baranda da cikin aji. Maris da Afrilu kun san zafin Gombe, a rage zuwa minti 10 a inuwa, jarkar ruwa biyu a cike tun safe. Da azumi masu azumi tattaki kawai.

Awo kuwa mai sauƙi ne, 10:20 monita ya ƙirga waɗanda ke zaune ya rubuta sunayensu a bayan rajista, Juma'a in tattara. Wanda sunansa ya fito sau uku malamin aji ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali, wani yunwa ce, wani silifas ne ya tsinke, wani kuma tsokanarsa ake yi.

Kayan da nake nema, igiya 10, ƙwallo 3, usur 4. Tayoyi na yi magana da mai facin bakin titi zai ba mu tsofaffi kyauta, sai dai a samu mai mashin ya kwaso ranar Asabar. Tokar kuma kowane ɗan aji 6 ya zo da leda ɗaya daga gida ranar Litinin.