Roƙon Sake Duba Makin Muƙalata Kan Mazhabar Amfani

Zuwa ga Malamin Darasin Falsafar Ɗabi'a,
Sashen Falsafa.

Litinin, 9 ga Maris

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, na rubuto ne ina roƙon a sake duba makin muƙalata kan mazhabar da ke auna kyawun aiki da yawan jin daɗin da ya haifar, muƙalar da aka dawo mana da ita ranar Alhamis, wadda na sa wa suna "Shin mazhabar amfani za ta iya kare haƙƙin mutum ɗaya?" Ƙa'idar sashe ta ba ɗalibi mako biyu daga ranar karɓar takarda ya nemi a sake dubawa, kuma wa'adin bai wuce ba.

Na sami 54 cikin 100, an raba shi kamar haka: fahimtar mazhaba 14 cikin 25, suka da kafa hujja 15 cikin 35, amfani da littattafai 11 cikin 20, tsari da harshe 14 cikin 20. Kashi biyun ƙarshe ba ni da ja a kansu. Na zarce iyakar kalmomi 2,500 da kalma 240, an cire mini maki 2, daidai ne. Na kawo ra'ayin Henry Sidgwick daga bakin wani marubuci ba tare da na buɗe littafinsa na 1874 ba, kuma ban faɗi haka ba. Sannan a shafi na 5 na ɗauki sukar da G. E. Moore ya yi wa hujjar John Stuart Mill a 1903 kamar magana ce da ta ƙare, wato cewa Mill ya cuɗa abin da ake so da abin da ya cancanci a so, alhali akwai masana da ke ganin Mill shaida kawai yake kawowa, bai ce ya tabbatar da wani abu ta hanyar mandiƙi ba. Gyaran Malam a nan ya zauna, na karɓa.

Roƙona ya tsaya ne a kan kashi na farko da na biyu.

A gefen shafi na 3 Malam ya rubuta cewa na haɗa jagororin mazhabar biyu, Jeremy Bentham da Mill, na mai da su mutum ɗaya. In aka karanta shafin shi kaɗai, haka zai yi kama, domin a can abin da suka yi tarayya a kai nake jerawa: cewa aiki da sakamakonsa ake auna shi, cewa jin daɗi da rashin wahala ne abin nema, kuma cewa jin daɗin kowa daidai yake da na kowa a wurin lissafi. Bambancin yana shafi na 4, daga sakin layi na biyu. A can na kawo ma'aunai bakwai da Jeremy Bentham ya jera a babi na huɗu na littafinsa na 1789: ƙarfin daɗin, tsawon lokacinsa, tabbacin samuwarsa, kusancinsa, yiwuwar ya haifar da wani daɗin, tsarkinsa daga wahalar da ka biyo baya, da yawan mutanen da ya shafa. Na nuna cewa dukansu ma'aunan yawa ne. Daga nan na ce John Stuart Mill, a babi na biyu na littafin da ya fara fitowa a mujalla a 1861 ya zama littafi a 1863, ya shigo da daraja: wasu nau'o'in daɗi sun fi wasu, kuma alƙalin wannan shi ne wanda ya ɗanɗani duka biyun. Har na tambaya ko wannan ƙari bai fasa lissafin ba, tunda in daɗi mai daraja ya fi wanda ya fi shi yawa, to akwai wani ma'auni da ba daɗin ba ne a ɓoye. Na yarda da na sa jumla ɗaya a ƙarshen shafi na 3 mai sanar da cewa bambancin na tafe, da ruɗanin bai taso ba. Amma wannan laifin tsari ne, kuma an riga an hukunta tsarin a kashinsa. Ina ganin bai kamata a sake lissafa shi a matsayin rashin fahimta ba.

Batu na biyu ya fi nauyi, shi ne ainihin dalilin wannan takarda. Sharhin ƙarshe ya ce na kawo suka amma ban saurari amsar da masu mazhabar za su bayar ba, musamman ɓangaren da ke auna ƙa'ida maimakon auna kowane aiki shi kaɗai. Wannan amsa da martanina a kanta su ne shafi na 8 da na 9 gaba ɗaya. Da na karɓi takardar na lura kowane shafi yana da alamar jan biro, ko da layi ɗaya ne, ban da waɗannan biyu, kuma na same su manne da juna ta gefen ƙasa. Ba na cewa ba a karanta su ba. Ina dai zaton mai yiwuwa sun tsallake, abin da kan faru in takardu sun yi yawa.

Ga abin da ke cikinsu a taƙaice, don Malam ya ga ko ya kai a sake buɗe su.

Misalin da na gina muƙalar a kai shi ne na H. J. McCloskey: jami'in tsaro a wani gari da tarzoma ke shirin ɓarkewa, wanda zai iya hana mutuwar mutane da yawa in ya ɗora laifi a kan mutum ɗaya da bai ji ba bai gani ba. Mai auna aiki zai ce a ɗora, muddin asirin ba zai tonu ba. A shafi na 8 na ba ɓangaren ƙa'ida bakin magana da ƙarfinsa: ba a tambayar ko wannan ɗorawa za ta yi amfani, ana tambayar ko al'ummar da jami'anta ke da izinin yin haka za ta fi zaman lafiya, kuma amsar a'a ce. Na danganta wannan da bambancin da John Rawls ya yi a 1955 tsakanin kare tsari da kare aiki ɗaya a cikin tsarin, na kuma kawo babi na biyar na Mill inda ya ɗora adalci a kan buƙatar tsaro, wadda ya ce babu ɗan Adam da zai iya rayuwa ba ita.

Sai na ce wannan amsa ta tsaya a mararraba. In jami'in ya tabbata cewa karya ƙa'idar a wannan karo ɗaya zai fi amfani amma ya bi ta, to ya bar amfani ya koma abin da J. J. C. Smart, shi kansa ɗan mazhabar, ya kira bautar ƙa'ida. In kuma aka gyara ƙa'idar ta ce "kada ka hukunta marar laifi sai in hakan zai hana babbar ɓarna", to an koma gidan jiya, ƙa'ida ta narke ta zama auna aiki, irin abin da David Lyons ya nuna a 1965. Ban ɓoye iyakar wannan hujja ba: na rubuta cewa ba ta kama tsarin Brad Hooker na 2000 da kyau, domin shi yana lissafa wahalar koya wa jama'a ƙa'ida, don haka ƙa'idodinsa ba za su yi ta tara togaciya ba iyaka ba.

Shafi na 9 shi ne nawa na kaina, kuma shi na fi so a duba. Na sallama cewa mai mazhabar zai iya kaiwa ga hukuncin da ya dace, wato a saki mutumin. Tambayata ita ce dalilin sakin. In mutumin ya ce, "Me ya sa ba ku kashe ni ba?", amsar mazhabar ita ce lissafi bai ba da haka ba: asiri kan tonu, amana kan lalace. Babu inda amsar ta ce don bai yi laifi ba. Kariyarsa ta rataya ne a kan yadda alƙaluma suka faɗo, ranar da suka juya shi ke nan. Na kawo ƙaramin lissafi: mutum biyar kowa da jin daɗi 10, jimla 50, ko huɗu da 14 ɗaya da sifiri, jimla 56. Mai tara jimla zai ɗauki na biyu. Na kuma toshe ƙofar da aka saba bi, ta cewa ƙarin dukiya ba ya ƙara wa mai ita daɗi kamar yadda rashinta ke cutar da marar ita, domin alƙaluman nan na jin daɗin ne kansa, an riga an cire wancan. Wannan ne na haɗa da maganar Rawls ta 1971 cewa mazhabar ba ta ɗauki bambancin mutum da mutum da muhimmanci ba.

Wannan ma ya shafi abin da Malam ya rubuta a shafi na 6, cewa misalin jami'in ba ya faruwa a zahiri. Haka R. M. Hare ya amsa irin waɗannan misalai a 1981, kuma amsa ce mai ƙarfi ga wanda ke cewa mazhabar za ta sa a riƙa kashe marasa laifi. Ni ba haka na ce ba. Hujjata a kan irin dalilin da mazhabar ke bayarwa take, ko misalin ya faru ko bai taɓa faruwa ba. Malam na iya ganin hujjar ba ta yi nasara ba, kuma zan so in ji inda ta karye. Sai dai takardar rabon maki da aka ba mu a farkon zango ta ce maki 11 zuwa 17 na muƙalar da ta bayyana suka ba tare da duba martani ba ne, 21 zuwa 27 kuma na wadda ta kawo suka, ta kawo martani mafi ƙarfi, ta kuma amsa shi. A fahimtata shafukan nan biyu sun sa muƙalar a rukuni na biyu, ko da a ƙasansa ne.

Don haka ina roƙon Malam ya sake karanta shafi na 4, na 8 da na 9, ya duba ko makin fahimta da na suka sun dace da su. Na san sake dubawa na iya barin makin yadda yake, ko ma ya rage shi, kuma na amince da hakan. In ya tsaya a 54, ina roƙon layi biyu ko uku da za su nuna mini abin da ya gaza a shafi na 9, saboda muƙala ta biyu, kan Kant, za a miƙa ta nan da mako huɗu kuma irin wannan tsarin na yi niyyar bi.

Na haɗa da ainihin takardar da aka yi wa maki, ban taɓa komai a cikinta ba sai raba shafukan da suka manne, da kwafin takardar rabon maki, da shaidar miƙawa mai nuna cewa shafi goma sha ɗaya na bayar tun ranar farko. In Malam ya fi son a yi maganar baki da baki, zan zo ofis ranar Laraba a lokacin ganin ɗalibai, daga ƙarfe 2 zuwa 4, ko duk lokacin da ya fi masa sauƙi.

Na gode da lokacin da aka ba wannan takarda. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Wassalam.

Ɗalibarka,
'yar aji uku a darasin Falsafar Ɗabi'a,
rukunin Talata da safe.