Takardar Bita ta Labarin Ƙasa, Aji Biyu na Babbar Sakandare: Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Ku karanta bayanin a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin cikin minti 40. Amsoshin lissafi na ƙasa, amma kada a leƙa sai an gama.

Bayani

Ruwan da guga ke ɗebowa a rijiya yana zaune ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin rairayi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse. Wannan shimfiɗa ita ce ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kamar rumbu take: in ɗiba ta fi zubi, wata rana za a ga gindinsa.

Zubin yana zuwa ne daga ruwan sama da ya nutse, da kuma ruwan kogi da fadama da ke tsiyaya ƙasa. A busasshen yanki kamar namu, na biyun yana da nauyi ƙwarai, domin rana da tsirrai sukan shanye mafi yawan ruwan sama kafin ya yi nisa. Ku dubi dausayin Haɗeja da Nguru. Ambaliyar damina kan kwanta a can watanni tana ciyar da rijiyoyin kewaye. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, duk a Kano kan kogunan da ke kai ruwa dausayin, sai faɗin ambaliyar ya ragu, zubin ma ya ragu. A Barno kuwa, rijiyoyin burtsatse masu zurfi da a da suke feso ruwa da kansu, da yawansu ƙarfinsu ya ja baya. Ruwan can ƙasa tsoho ne na dubban shekaru, damina ɗaya ba ta mayar da shi.

Sai dai kada ku haddace cewa ko'ina ruwan sauka yake. A kewayen Yamai, a Nijar, an ga akasin haka: bayan sare daji don noma, ruwa ya riƙa gangarewa yana taruwa a tafkuna, yana nutsewa, har matakinsa ya hau duk da farin shekarun 1970 da 1980. Ɗalibai da yawa nan suke zamewa.

Sai maganar gishiri. Duk ruwan ban-ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri, ko da harshe bai ji ba. Ruwan ya tafi da zafin rana, gishirin ya zauna. In kuma an cika ban-ruwa babu magudana, ruwan ƙasa ya taso kusa da saiwa, ya jawo gishirin sama. Shi ne farin nan mai kama da kanwa da manomi ke gani a kan kunya, tumatir ya tsumbure ko da ƙasar na da laima. Kwarin kogin Indus a Pakistan ya daɗe yana fama da wannan.

Tambayoyi

1. Me ya sa madatsar ruwa a Kano za ta iya shafar rijiyar mutumin Nguru? (maki 4)

2. Bayyana yadda yawan ban-ruwa ke kawo gishiri a gona, ka kuma faɗi hanya ɗaya ta magance shi. (maki 4)

3. Lissafi. Alƙaluman nan na misali ne. Wata fadama mai faɗin murabba'in kilomita 50 tana samun ruwan sama milimita 600 a shekara, kogi kuma yana tsiyayo mata milimita 80. Rana da tsirrai suna shan milimita 570, milimita 50 kuma yana gangarewa waje. Injinan ban-ruwa suna zuƙar kubik mita 5,000,000, kuma a ɗauka ko ɗigo ba ya komawa ƙasa.

Canjin ajiya = abin da ya shiga − abin da ya fita

(a) Mayar da ruwan injina zuwa milimita. (maki 2)
(b) Nawa ne canjin ajiya, a milimita da kubik mita? (maki 4)
(c) In kowane kubik mita na rairayin yana sakin ruwa kashi 10 cikin 100 na girmansa, mita nawa matakin ruwa zai sauka a shekara? Rijiya mai ruwa mita 6 shekara nawa za ta yi kafin ta ƙafe? (maki 4)
(d) Manomi ya ba hekta ɗaya kubik mita 8,000, kowace lita da gishiri miligiram 500. Gishiri nawa ya zuba wa gonarsa? (maki 2)

Amsoshin lissafi

(a) Murabba'in kilomita 50 shi ne murabba'in mita 50,000,000. Saboda haka 5,000,000 ÷ 50,000,000 = mita 0.1, wato milimita 100.

(b) Shiga: 600 + 80 = 680. Fita: 570 + 50 + 100 = 720. Canji: −40, wato giɓin milimita 40, daidai da kubik mita 2,000,000. Wanda ya manta alamar ragi ya rasa maki ɗaya.

(c) 40 ÷ 0.10 = milimita 400, wato mita 0.4. Ba ruwa zalla ne a ƙasan ba, shi ya sa saukar ta ninka giɓin sau goma. Rijiyar: 6 ÷ 0.4 = shekara 15.

(d) Miligiram 500 a lita daidai yake da rabin kilo a kubik mita. 8,000 × 0.5 = kilo 4,000, wato tan 4, buhu 80 ke nan mai kilo 50.

Tambaya ta 1 da ta 2 ku kawo su a rubuce ranar Litinin.