Tsarin At da Kariyar Tsawa na Bene Mai Hawa 10, Hanyar Birnin Kebbi, Sakkwato

Zuwa ga Alhaji mai ginin, da ɗan kwangila, da shugaban masu wayarin. An kammala wannan rahoto ranar 28 ga Afrilu, 2025.

Ginin da hatsarin da ke kansa

Ranka ya daɗe, ginin ofisoshi ne na kankare da rodi, tsawonsa mita 30, faɗinsa mita 18, tsayinsa mita 36 zuwa bakin katangar rufi. A samansa akwai tankunan ruwa, farantan sola da ɗakin injin lifta. Duk gidajen da ke kewaye da shi ba su kai shi ba, don haka idan hadari ya taso daga gabas shi ne ya fi kusa da gajimare. Mun bi ƙa'idar IEC 62305 wajen kariyar tsawa, da BS 7430 wajen lissafin at, wato haɗin da ke kai wuta cikin ƙasa.

Dogon gini yana janyo tsawar da da za ta faɗi a filin da ke gefensa, har nisan da ya ninka tsayinsa sau uku. Yawan faɗuwar tsawa a kowace murabba'in kilomita a shekara mun ɗauke shi 10, adadin da muka zaɓa domin tsantseni. An raba sakamakon biyu saboda akwai ƙananan gine-gine a kewaye.

```
Ad = LW + 6H(L+W) + π(3H)²
   = 540 + 10,368 + 36,644 = 47,552 m²
Nd = 10 × 47,552 × 0.5 × 10⁻⁶ = 0.24
```

Wato a yi tsammanin tsawa ta sauka a kan ginin kusan sau ɗaya a shekara huɗu. Da yake ɗaruruwan mutane za su wuni a ciki, kuma saukowa daga hawa na goma ba abin gaggawa ba ne, an zaɓi kariya mataki na II.

Awon ƙasa

Nan ne zuciyar aikin. Sandar da ke kan rufi karɓar tsawa kawai take yi, ƙasa ce ke shanye ta, ƙasar Sakkwato kuwa fuska biyu gare ta. A watan Agusta tana jiƙe, kowace sanda aka kafa za ta ba da awo mai daɗin gani. Daga hunturu zuwa bazara yashin sama yana bushewa ƙarau, ya kusa daina ɗaukar wuta. Hadarin farko kuma, mai iska da ƙura da tsawa mai tsanani, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni yake zuwa, lokacin da ƙasa ba ta sha ko ɗigo ba. Saboda haka muka yi awon a Afrilu, kuma a kan wannan mummunan yanayin aka gina duk lissafin.

An yi amfani da hanyar Wenner: turaku huɗu a layi ɗaya, tazararsu daidai, a tura wuta ta na bakin biyu, a karanta ta na tsakiya biyu. Gwargwadon buɗe tazara, gwargwadon zurfin da awon ke leƙawa. An ja layi biyu, gabas zuwa yamma da kudu zuwa arewa, aka ɗauki wanda ya fi muni.

```
ρ = 2πaR
a (m)   R (Ω)   ρ (Ω·m)
  1     143      898
  2     49.3     620
  4     15.1     380
  8     3.6      181
 16     0.95      96
```

Alƙaluman sun yi daidai da abin da masu haƙa bohol ɗin filin suka fitar: yashi a sama, marmara a ƙarƙashinsa, sai yumɓu mai danshi daga wajen mita 6 zuwa ƙasa. Turjiyar ƙasa ta faɗi kusan ninki tara tsakanin tazarar farko da ta ƙarshe. Wanda yake son at mai kyau a wannan fili sai ya nutsa, yawan sanduna a sama ba zai fisshe shi ba.

Lissafin sanduna

Ga turjiyar sanda ɗaya mai kaurin milimita 16, a zurfi uku daban-daban:

```
R = ρ/(2πL) × [ln(8L/d) − 1],  d = 0.016 m
L = 1.2 m, ρ = 900:  644 Ω
L = 3 m,   ρ = 500:  167 Ω
L = 12 m,  ρ = 200:  20.4 Ω
```

Layin farko shi ne abin da aka saba yi a gidajenmu: gajeriyar sanda ɗaya a bayan mita. Ƙa'ida tana son turjiya ta gaza om 10, wannan kuwa ta haura 600. Ko an kafa irinta ashirin ba a kusanci abin da ake nema ba. A layi na uku mun ɗauki 200 duk da cewa ƙasan ramin ya fi haka kyau, domin kashin sama na sandar a busasshen yashi yake, aikinsa kaɗan ne.

Don haka za a kafa sanduna 10 masu zurfin mita 12, tazarar kusan mita 10. Ba a raba 20.4 gida goma a ce an gama, domin sandunan da ke kusa da juna ƙasa ɗaya suke rabawa, kowace tana rage wa 'yar'uwarta ƙarfi. Ga sandunan da suka zagaye gini mun ɗauki 5.5 a matsayin adadin gyara, wanda ya ɗan zarce na sanduna goma.

```
α  = ρ/(2πRs) = 200/(2π × 20.4 × 10) = 0.156
Rn = R(1 + λα)/n = 20.4 × (1 + 5.5 × 0.156)/10 = 3.8 Ω
```

Za a ɗaure sandunan da zobe na faifan jan ƙarfe mai milimita 25 da 3, a binne shi santimita 80, nisan mita 1 daga bango, zagayensa mita 104, filin da ya kewaye murabba'in mita 640.

```
D = 1.13√640 = 28.6 m
R = 2ρ/(3D) = 1800/85.8 = 21 Ω
```

Zoben zai ƙara rage turjiya, amma ban sa wannan ragin a lissafi ba, na bar shi ajiya. Babban amfaninsa dabam ne: yana daidaita ƙarfin wuta a doron ƙasa, kada mutumin da ke tsaye kusa da bango ya ɗauki wuta tsakanin ƙafafunsa biyu. Da an sa at a cikin harsashi kafin a zuba kankare da ya fi araha, amma an wuce wurin. Abin da ya rage shi ne a fasa gindin ginshiƙai huɗu na kusurwa, a kama rodinsu, a haɗa da zoben.

Abin da za a karɓa a wannan aiki: om 5 ko ƙasa da haka, a awon rani.

Ina roƙon kada a zuba gishiri da gawayi a ramukan. Na san shi aka gada, kuma ranar awo yana faranta rai. Amma damina biyu ko uku ke wanke gishirin, kafin nan kuma ya ci mahaɗai, sai a wayi gari sanda na nan a ƙasa ba ta haɗe da komai, babu wanda ya sani. A haƙa rami mai faɗin santimita 10 da injin bohol, a saka sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, gaɓa 10 masu mita 1.2 ɗaure da mahaɗansu, a cika da kwaɓaɓɓen yumɓun bentonait daga ƙasa zuwa sama. Idan injin ya ci karo da dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina kafin mita 12, a dakata a kira ni, kada a yanke sanda. Duk mahaɗin da zai kwana a ƙasa a yi masa waldar narkakken jan ƙarfe, ban da noti.

Rufi da wayoyin saukarwa

A mataki na II ragar rufi ba ta wuce mita 10 da 10, don haka za a shimfiɗa faifan a kan katangar rufi, a raba tsakiya gida shida na mita 10 da 9. Tsayin ginin ya wuce mita 30, hanyar kusurwar kariya ba ta aiki a nan, sai hanyar ƙwallon da ake ƙaddara an gangara shi a kan ginin, mai mita 30 daga tsakiya zuwa baki: duk inda ya taɓa, tsawa na iya sauka. Sanduna huɗu masu tsayin mita 3.5 za su tsaya a kusurwoyin gidan da tankuna suke, nisan kusurwa zuwa kusurwa mita 13.45.

```
p = r − √(r² − (d/2)²) = 30 − √(900 − 45.2) = 0.76 m
s = ki × kc × l / km = 0.06 × 0.44 × 36 / 1 = 0.95 m
```

Ƙwallon zai lotsa santimita 76 ƙasa da kan sandunan, tankuna kuma tsayinsu mita 2.5, sun tsira. Layi na biyu tazarar da za ta hana tartsatsi tsallakawa ne: farantan sola, eriya da wayoyinsu su nisanci faifan da mita 1. Ƙarfen da ba zai iya nisanta ba a ɗaure shi da wayar jan ƙarfe mai murabba'in milimita 16. Ginin bai kai mita 60 ba, ba a buƙatar masu karɓar tsawa a jikin bango.

Zagayen ginin mita 96 ne, wayoyin saukarwa 10 ke nan, huɗu a kusurwoyi, kowace ta sauka miƙe zuwa sandarta, ba lanƙwasa mai kaifi. A haɗa su da zobe a hawa na 3, na 6 da na 9. Kowace ta samu mahaɗin gwaji a cikin akwati mai makulli, mita 3 na ƙasa kuma a sa su cikin bututun roba mai kauri a shafe da siminti. Jan ƙarfe yana da kasuwa a wurin 'yan jari-bola, waya ɗaya da aka yanke da dare ta isa ta mai da kariya hatsari. Wayoyi biyu da ke kusa da ƙofar shiga, inda masu gadi da baƙi ke fakewa idan ana ruwa, a malala kwalta mai kaurin santimita 5 ko tsakuwa santimita 15 har nisan mita 3 daga gare su.

Cikin gini

At ɗaya ne ga ginin duka. Faifan at na ɗakin wuta zai haɗu da zoben ta wuri biyu, a kansa kuma za a ɗaure janareto, inbata, dogon lifta, bututun ruwa na ƙarfe da akwatunan wuta. Haɗa at na taransifoma sai an zauna da injiniyoyin Kaduna Electric tukuna.

Mataki na II yana ɗaukar tsawa mai kiloamfiya 150. Rabi ya shiga ƙasa, rabi ya rarrabu a wayoyi huɗu na layin wuta, kusan 19 kowace. A babban akwati a sa na'urar kare ambaliyar wuta mai alamar Type 1, kiloamfiya 25 kowace waya, a akwatin kowane hawa da layin sola kuma Type 2. Wayar da ta haɗa na'urar kada ta wuce rabin mita gaba ɗaya.

Gwaji kafin biyan kuɗi

A auna kowace sanda ita kaɗai kafin a ɗaure ta da zobe. Wadda ta haura om 30 a ƙara mata zurfi. Bayan an haɗa duka, a kai turken wuta mita 200, turken awo mita 124, wato kashi 62 cikin ɗari na nisan, a sake karantawa a mita 104 da 144 a ga ko sun yi kusa da juna. Ba a zuba ruwa a ramuka a makon awo. A rubuta sakamakon, ni da ɗan kwangila mu sa hannu, a ajiye kwafi domin masu duba na hukumar NEMSA.

Daga nan kuma, kowace shekara a watan Afrilu a buɗe akwatunan gwaji, a duba mahaɗai, a sake awo, haka ma duk lokacin da aka san tsawa ta sauka a kan ginin.

Naka,
Injiniyan lantarki mai kula da zanen