Yadda Za Ka Share Tsofaffin Sunaye Daga Jerin Bulutut Na Wayarka

Ga masu kawo mana iyafis shago a nan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ƙorafin ya lalace saboda yana kama wayar wani: yawancin iyafis ɗin lafiyarsu ƙalau, kuma gyaran bai kai a kashe kuɗin keke daga Rigasa ko Kawo ba. A gida za ka yi abinka.

Ranar da ka fara haɗa iyafis da waya, kowannensu yana ajiye bayanin ɗan'uwansa. Daga nan duk lokacin da ka kunna shi, sai ya nemi wayar da ya yi aiki da ita a ƙarshe, in bai same ta ba ya nemi wata da ya sani a kusa. Bulutut yana kaiwa kimanin mita 10, har ta bayan bangon ɗaki. Shi ya sa a gidan yawa, idan ka taɓa ara wa ƙaninka, za ka sa a kunne don sauraron karatu sai ka ji kiransa na shigo maka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sirrin mutane ne ke faɗawa kunnen da bai kamata ba.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne wayar da za a share. Wadda iyafis ɗin ke gudu wajenta ba da sonka ba, ita za ka fara ɗauka. In ka share a taka kaɗai, ka raba shi da kanka ne ka bar wa waccan.

A Tecno, Infinix da itel, shiga `Settings`, ka nemi `Bluetooth` (a wasu yana cikin `Connected devices`). Kunna shi tukuna, don wasu wayoyin ba sa nuna jerin in yana kashe. Gefen sunan iyafis ɗin akwai 'yar alama, taɓa ta ka zaɓi `Forget` ko `Unpair`. A Samsung hanyar ita ce `Settings`, `Connections`, `Bluetooth`, sannan `Unpair`. A iPhone kuwa, taɓa alamar `i` da ke gaban sunan, sai `Forget This Device`. Kada ka tsaya a `Disconnect`: shi yanke haɗin wannan lokacin kawai yake yi, gobe da safe su sake kama juna.

Yanzu dawo kan taka wayar. Za ka tarar da sunaye rututu: sifikar da aka yi biki da ita bara, rediyon motar da ka shiga zuwa Zariya, tsohon iyafis da ya daɗe da mutuwa. Share duk wanda ba ka amfani da shi. A kula a nan, domin iyafis masu araha sukan zo da suna iri ɗaya, ka ga `TWS` biyu ko uku a jere. In ka rasa gane naka, share su duka ka sake haɗawa, sannan ka canza masa suna zuwa wanda za ka gane. Agogon hannu da kake amfani da shi kullum ka bar shi, don sake haɗa shi ya fi wahala.

Idan waccan wayar ba ta hannunka, ko mai ita ya ƙi ba ka, to iyafis ɗin za ka sa ya manta da kowa. Hanyar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka duba 'yar takardar da ke cikin kwalinsa. A AirPods masu maɓalli a bayan akwatin caji, buɗe murfin, danne maɓallin kamar daƙiƙa 15 har wutar ta yi ruwan lemo sannan ta koma fara. Masu AirPods su kuma sani cewa share shi a waya ɗaya yana cire shi daga duk na'urorin da ke kan asusun iCloud ɗaya.

Akwai wani zaɓi a Android mai suna `Reset Wi-Fi, mobile & Bluetooth`. Ba na ba da shawarar a taɓa shi don wannan matsalar, domin yana share jerin gaba ɗaya har da lambobin sirrin Wi-Fi da ka ajiye.

Kafin ka sake haɗawa, roƙi mutanen gida su kashe bulutut na minti ɗaya. Mayar da iyafis cikin akwatinsa, fito da shi, ka zaɓi sunansa a wayarka. Sai ka gwada: a kunna na waccan wayar, ka kashe iyafis ka sake kunnawa. In taka ya kama, an gama. In ya ƙi fitowa a jerin ko bayan ka yi masa cikakken caji, kawo shi tare da akwatinsa mu duba.