Samfurin Amsa: Hajiya Rabi da Cinikin Shansherar Auyo

Tambaya (maki 20)

Hajiya Rabi tana turara shinkafa a Kura. A watan Yulin 2022 ta yi ciniki da Malam Sale, wani manomi a Auyo, kan buhu 100 na shanshera, kowane buhu N18,000, za a kawo mata ranar 15 ga Nuwamba. Ta ba da kafin alƙalami N500,000. Dillali ya rubuta a fallen littafin makaranta: "Buhu ɗari na shanshera, dubu goma sha takwas-takwas," kowa ya dangwala. A watan Satumba ruwa ya ci wani ɓangare na gonar Malam Sale, buhu 60 kawai ya samu. Ranar kawo kaya buhu ya kai N24,000 a kasuwa, sai ya sayar wa wani ɗan kasuwa da sittin ɗin. Da ta kira shi ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ikon Allah ne, ruwa ya gama da mu." Ta zauna jira har Janairu, sannan ta sayi buhu 100 a kan N28,000. Ta kuma rasa ribar N900,000 ta kwangilar abincin wata makarantar kwana, wadda ba ta taɓa gaya masa ba. A ba Hajiya Rabi shawara bisa dokar yarjejeniya ta gama-gari da Dokar Sayar da Kaya ta 1893.

Amsa

Batutuwan da za a warware

Shin akwai yarjejeniyar da kotu za ta tilasta? In akwai, ambaliya ta sauke wa Malam Sale nauyin cika ta, ko saɓawa ya yi? In saɓawa ce, nawa Hajiya za ta karɓa?

Ƙa'idar doka

Yarjejeniya tana ƙulluwa in aka samu tayi da amincewa, kowane ɓangare ya ba da wani abu ko ya yi alkawarinsa, da niyyar cewa maganar ta doka ce. Sashe na 4 na Dokar 1893, wadda ta shigo Nijeriya cikin dokokin Ingila na gama-gari da ke aiki ranar 1 ga Janairun 1900, ya ce cinikin da ya kai fam goma yana buƙatar rubutu mai sa hannu, ko karɓar wani ɓangare na kayan, ko biyan wani abu daga kuɗin.

Wanda bai cika ba, kuma ba shi da uzurin da doka ta sani, ya saɓa. Uzurin da ake magana a nan shi ne rushewar yarjejeniya saboda abin da ya fi ƙarfin kowa. A shari'ar Davis Contractors da Fareham (1956) an ce tsada ko wahala kaɗai ba sa rushe ta, sai dai in cikawar ta koma wani abu dabam da wanda aka ɗauki alkawarinsa. A Howell da Coupland (1876) an yafe wa manomin da cuta ta ci dankalinsa, saboda an ambaci gonar da dankalin zai fito. A Sainsbury da Street (1972) manomi ya yi alkawarin kusan tan 275 na sha'ir, ya samu 140, ya sayar wa wani. Kotu ta yafe masa abin da gona ba ta ba da ba, ta kama shi kan 140 ɗin. Hukuncin Ingila na bayan 1900 jan hankali yake yi, ba ya ɗaure alƙalinmu.

Diyya kuwa, Robinson da Harman (1848) ta ce a mayar da wanda aka cuta inda zai kasance da an cika masa. Hadley da Baxendale (1854) ta yi mata iyaka: asarar da ta saba biyo bayan irin wannan saɓawa, ko wadda duka biyun suka san za ta iya faruwa tun lokacin ciniki. Sashe na 51(3) ya ce in akwai kasuwar kayan, ma'aunin shi ne bambancin farashin ciniki da na kasuwa a ranar da ya kamata a kawo. Kuma wanda aka cuta ba zai naɗe hannu asara tana hawa ba, kamar yadda British Westinghouse (1912) ta nuna.

Ɗora doka kan labarin

Batu na farko ba ya cin lokaci. An yi tayi, an sallama, an dangwala, an ba da kafin alƙalami. Ko da takardar dillali ta ɓata, N500,000 ɗin ta cika sharaɗin sashe na 4.

Gardamar tana ga ambaliya. Lauyan Malam Sale zai riƙe Howell, ya ce kowa ya san wanda ya je wurin manomi a tsakiyar damina, amfanin gonarsa yake saye. Maganar tana da ƙarfi, kuma kotu na iya sauraron dillali kan al'adar masu wannan ciniki. Amma takardar ba ta ambaci gona ba, "buhu ɗari" kawai ta ce. Shanshera ba ta ƙare a Haɗejiya ko Gujungu ba, tunda ana sayar da ita N24,000. Malam Sale yana iya sayen arba'in ya cike. Zai yi asarar N240,000 a kansu, to amma wannan tsada ce, kuma Davis ta rufe wannan ƙofar. A ganina yarjejeniyar ba ta rushe ba.

A ƙaddara ma kotu ta yarda gonarsa ake nufi. Ruwa ya ci arba'in, to sittin fa? Ba kogi ya tafi da su ba, shi ya auna ya karɓi kuɗi. Abin da ya faru a Sainsbury ke nan sak. Uzurinsa, in ya samu, iyakarsa buhu 40.

Lissafin diyya: N24,000 a cire N18,000, saura N6,000, sau 100, N600,000. Kafin alƙalaminta zai dawo, domin ko tiya ɗaya ba ta karɓa ba, kuma sashe na 54 ya bar mata haƙƙin neman kuɗin da ta biya a kan abin da bai zo ba.

Ƙarin N4,000 a kowane buhu da ta biya a Janairu, wato N400,000, yana wuyanta. Tun ranar 15 ga Nuwamba ya gaya mata kaya ba za su zo ba, kasuwa kuma a buɗe take. Da shi ya riƙa cewa ta ƙara masa mako, ita kuma tana ɗaga masa ƙafa, da sai a iya matsar da ranar aunawa. Labarin bai nuna haka ba.

Ribar N900,000 ta faɗi a gwajin Hadley. Malam Sale ya san tana turarawa ta sayar, amma bai san da kwangilar makaranta ba, kamar yadda masu ɗaukar kaya a Hadley ba su san injin niƙa zai tsaya ba. Bugu da ƙari, da ta shiga kasuwa a Nuwamba da ta cika kwangilar tata. Neman kotu ta tilasta masa kawo shinkafar ma ba zai yi ba, sashe na 52 na kayan da aka ware aka tantance ne, shanshera kuwa kowane buhu yana maye gurbin ɗan'uwansa.

A gefe: da a kotun Musulunci aka kai ƙarar, sai a fara tambayar ko cinikin salam ne ingantacce, wato cinikin da ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, tunda salam yana son a biya kuɗin duka tun farko. Tambayar ba ta aike mu can ba.

Matsaya

Malam Sale ya saɓa yarjejeniya. Hajiya Rabi ta nemi diyyar N600,000 da kafin alƙalaminta N500,000, jimilla N1,100,000. In kotu ta ɗauki cinikin a matsayin na amfanin gonarsa kaɗai, diyyar za ta tsaya kan buhu 60, wato N360,000, jimilla N860,000. Kada ta sa rai da N400,000 na Janairu ko ribar makaranta. Ta adana fallen takardar, ta riƙe dillali a matsayin shaida, ta kuma samo wanda zai tabbatar da farashin buhu a ranar 15 ga Nuwamba.