Kilishi: daga rana zuwa garwashi

1/ Jama'a, yau kilishi za mu taɓa. Asalinsa dabarar adana nama ce. Can da babu firji, kuma fatake kan yi makonni a hanya, sai aka koma ga abin da ƙasarmu ke da shi a wadace: zafin rana da busasshiyar iska. Har gobe unguwar Agadasawa a Kano da garin Madawa a Nijar sun yi suna a kansa.

2/ Naman cinyar shanu ake nema, jan nama zalla. A cire kitse da jijiya tas, don kitse ne ke sa shi ɗoyi da wuri.

3/ Gwanintar tana wurin yanka. Mahauci zai riƙa feɗe tsokar da wuƙa mai kaifi yana warware ta kamar tabarma, har ka hango haske ta cikinta. Ni da na gwada, duk huji na yi mata. Sai a shanya a kan gadon kara ya bushe ƙayau.

4/ Labu kuwa, tunkuza ake damawa da ruwa, a zuba citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri. Kada ya tsinke, kada ya yi kauri kamar tuwo. A tsoma naman ya sha sosai, a sake shanyawa.

5/ Sannan gashi a kan garwashi, 'yan mintoci kawai. Ka juya baya ka amsa waya, ya ƙone.